Yadda Injiniya Zai Rubuta Kansa a LinkedIn Masu Masana'anta Su Neme Shi

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Nijeriya ta ɗaga kuɗin wuta ga masu rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya, wato ya ninka fiye da sau uku. Masu masana'antu a Sharaɗa da Challawa da Bompai da ke Kano sun ji a jikinsu, domin ga kuɗin wuta ya tashi, ga man dizal ɗin janareta bai sauko ba. A irin wannan hali mai kamfani ba ya rasa tambaya: a ina wutar take zurarewa, kuma wa zai duba masa ya gaya masa gaskiya?

Masu amsar suna nan. Akwai injiniyoyin lantarki da suka shafe shekaru suna wannan aiki a cikin masana'antu, kuma da yawansu suna son su fara zaman kansu, su riƙa ba da shawara ana biyansu. Sai dai idan aka buɗe shafin irin wannan injiniya a LinkedIn, abin da ake tararwa a ƙarƙashin sunansa shi ne muƙaminsa da sunan kamfanin da yake wa aiki. Mai masana'antar da ke neman mafita zai wuce shi ko waiwaye babu, alhali shi ne mutumin da yake nema.

Wurare biyu ne a shafin suke yanke wannan hukunci: take, da kuma taƙaitaccen bayani.

Fili biyu da iyakarsu

An buɗe LinkedIn a shekarar 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 masu rajista a cikinsa suka haura biliyan ɗaya. An gina shi ne don ma'aikata da masu ɗaukar ma'aikata, shi ya sa tsarinsa ya yi kama da takardar neman aiki: makarantu, wuraren aiki, shekaru. Injiniyan da ke neman masu biyansa kuɗin shawara yana amfani da wannan tsari ne don wata manufa daban, don haka dole ya sake masa fasali da hannunsa.

Fili na farko shi ne wanda aka rubuta wa Headline, layin da ke ƙarƙashin suna. Yana ɗaukar haruffa 220, har da sararin da ke tsakanin kalmomi. Idan mutum bai rubuta komai ba, LinkedIn kan cika shi da muƙaminsa na yanzu da sunan wurin aikinsa. Wannan layi yana bin mai shi duk inda ya je a dandalin: yana fitowa a sakamakon bincike, yana fitowa a saman duk abin da ya wallafa, yana tare da saƙon neman ƙulla zumunci da ya aika wa wani. A mafi yawan waɗannan wurare ba a nuna shi duka, musamman a waya, inda ake yanke shi bayan 'yan kalmomin farko.

Fili na biyu shi ne About, wanda a da ake kira Summary. Yana ɗaukar haruffa 2,600, amma layuka kaɗan na farko kawai mai ziyara yake gani. Sauran suna ɓoye sai ya danna ya buɗe. Daga nan ake gane ƙa'idar da ta mamaye duk aikin: abin da ya fi muhimmanci shi ne zai zo a gaba, a take da kuma a bayani.

Mai ɗaukar aiki da mai neman shawara

Jami'in ɗaukar ma'aikata yana da gurbi, kuma yana neman wanda takardunsa suka dace da gurbin. Shi muƙami da digiri da yawan shekaru sun ishe shi. Mai neman shawara kuwa matsala ce ta kawo shi. Injinan casar shinkafarsa suna tsayawa da tsakar rana, ko katangar sito ta tsage, ko rijiyar burtsatsen da ya kashe wa kuɗi ta ƙafe a rani. Sau da yawa bai san sunan ciwon a bakin injiniyoyi ba, ya dai san inda yake masa zafi. Yana kuma tsoron abu ɗaya, wato ya biya kuɗi a miƙo masa rahoto mai kauri wanda ba zai canja komai ba.

Saboda haka tambayoyi uku ne a ransa sa'ad da idonsa ya faɗa a kan sunan injiniya. Shin wannan mutum yana aiki da irin kamfanina? Shin ya san irin matsalata? Me zai sa in yarda da shi? Take mai kyau yana amsa ukun nan a layi ɗaya. Aikinsa ɗaya da na allon da ke bakin shago a Kantin Kwari: mai wucewa ya ɗaga kai ya san ko shadda ake sayarwa ko atamfa, tun kafin ya yi sallama.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki misalin wani injiniyan lantarki a Kano, wanda aka ƙaddara don wannan bayani, tare da lambobinsa. Ya yi shekaru yana kula da wutar wata masana'anta, yana da rajista da hukumar COREN, yanzu kuma yana son ya riƙa duba wa kamfanonin casar shinkafa da na robobi yadda suke cin wuta. Taken da ke shafinsa ya ce shi babban injiniyan lantarki ne a kamfani kaza. Ya yi yunƙurin gyara shi sau ɗaya, ya ƙara cewa shi mai kishin aiki ne, mai hangen nesa, mai warware matsaloli. Duk waɗannan ba su gaya wa mai masana'anta komai ba, domin babu injiniyan da zai ce shi ba ya kishin aiki.

Gyaran yana farawa ne da zaɓen mutanen da ake son jawowa. A nan mafi yawan injiniyoyi suke tirjewa, suna ganin idan suka ce kamfanonin shinkafa da robobi, sun kori asibitoci da otal-otal da makarantu. Amma wanda ya ce yana yi wa kowa komai, babu wanda zai ji da shi ake magana. Mai otal da ya ga injiniya ya ƙware a masana'antu yana iya kiransa duk da haka. Mai injin shinkafa kuwa da ya ga an ambaci sana'arsa, ya riga ya tsaya.

Mataki na biyu shi ne faɗin sakamakon aikin da harshen mai biya. Injiniya yana tunanin taransifoma da kafasita da ma'aunin wuta, shi kuma mai kamfani yana tunanin takardar KEDCO da tankar dizal. Mataki na uku shi ne shaida guda ɗaya da ake iya tantancewa. Idan aka haɗa ukun, ma'anar taken za ta zama: binciken cin wuta don kamfanonin shinkafa da robobi a Kano, rage kuɗin dizal da na Band A, injiniyan lantarki mai rajista da COREN. Da yake mafi yawan masu bincike a LinkedIn a Nijeriya da Turanci suke rubuta abin da suke nema, ga yadda zai buga shi:

```
Energy audits for rice mills and plastics factories in Kano | I cut diesel and Band A bills | COREN-registered electrical engineer
```

Wannan layi bai kai haruffa 140 ba, kuma babu dalilin cike ragowar don kawai fili ya rage. Abin lura shi ne jerin. Idan waya ta yanke shi bayan kalmomi bakwai ko takwas, abin da ya saura yana nuna aikin da kuma masu aikin. Da an fara da rajista da digiri, da su kaɗai za a gani.

Kalmomin farko ma ba a banza aka zaɓe su ba. Binciken LinkedIn yana duba kalmomin da ke cikin shafi, don haka wanda ya buga `energy audit` ya taƙaita nemansa ga Kano yana iya cin karo da wannan injiniya, amma da wuya ya ci karo da wanda ya rubuta mai hangen nesa. Hanya mai sauƙi ta gano kalmomin ita ce injiniya ya tuna yadda masu kiransa suke faɗin buƙatarsu a waya, da yadda ake rubuta ta a tallan neman 'yan kwangila. Wanda ke harin kamfanoni a Maraɗi ko Yamai kuma, LinkedIn ya ba da damar a yi wa shafi ɗaya siga ta biyu da wani harshe, sai ya rubuta ta Faransanci.

Layukan farko na bayani

Kuskuren da ya fi yawa a filin About shi ne buɗewa da tarihin rayuwa: an haife ni a gari kaza, na yi digiri a jami'a kaza, na yi bautar ƙasa a jiha kaza. Kafin a iso ga abin da mai kamfani yake nema, layukan da ake gani sun ƙare, shi kuma ya tafi. Injiniyan misalinmu zai buɗe da halin da mai karatu yake ciki, kamar haka: "Idan kuɗin wutar masana'antarka ya ninka amma abin da kake fitarwa bai ƙaru ba, ko janaretanka yana shan mai fiye da kima, ina auna inda wutar take tafiya, in nuna maka gyaran da zai mayar da kuɗinsa da wuri."

Jimla ɗaya ce, amma ta ambaci ciwon, ta faɗi aikin, ta kuma yi alkawarin da bai wuce ƙarfin mai shi ba. An rubuta ta da bakin mai shafin, da "ina" da "na". Wasu kan rubuta bayaninsu kamar wani ne yake gabatar da su a taro, suna kiran kansu da suna da laƙabi. Wannan yana sanya tazara, alhali mai neman shawara yana son ya ji muryar wanda zai zauna da shi a ofis.

Sakin layi na biyu shi ne na hujja, kuma nan ne ya kamata injiniya ya zauna ya yi aiki sosai. Aiki ɗaya da aka bayyana dalla-dalla ya fi jerin ayyuka goma da aka ambata a gurguje. A misalinmu, a ce ya taɓa duba wani kamfanin casar shinkafa da injinansa ke jan kilowat 400. Motocin lantarki irin na waɗannan injina, musamman idan ba a ɗora musu cikakken nauyi ba, suna jan wata wuta da ba ta yin aiki amma tana cika waya da taransifoma. Ma'aunin wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kira `power factor`, kuma mafi kyawunsa shi ne 1. A ce ya auna ya sami 0.75. Idan aka raba 400 da 0.75, za a ga taransifoma tana ɗauke da nauyin kVA 533. Da ya sa aka haɗa kafasitoci ma'aunin ya hau 0.95, nauyin ya sauko zuwa kVA 421. An sami sararin kVA 112 ke nan ba tare da an sayi sabuwar taransifoma ba.

A shafinsa ba zai zuba wannan lissafi duka ba. Zai rubuta: "A wani kamfanin casar shinkafa a Kano, taransifoma mai kVA 500 tana yin zafi tana katse aiki, har an fara maganar sayen babba. Na auna na mako ɗaya, muka haɗa kafasitoci, nauyin ya sauko daga kVA 533 zuwa 421, tsohuwar taransifomar ta ci gaba da aiki." Mai kamfani zai fahimci cewa an tsirar da shi daga sayen taransifoma. Injiniyan kamfanin, wanda galibi shi za a tura ya tantance, zai duba lambobin ya ga sun yi daidai.

A nan akwai tarkon da ya kamata a kauce masa. Gyaran wannan ma'auni yana rage nauyin da ke kan taransifoma da wayoyi, amma ba ya rage kilowat ɗin da mita ke ƙirgawa sai ɗan kaɗan. Injiniyan da ya rubuta cewa ya rage kuɗin wuta da kashi 21 cikin ɗari, don kawai nauyin ya ragu da haka, ya faɗi abin da duk masani zai ƙaryata. Lamba ɗaya ta bogi ta isa ta rushe sauran shafin. Idan yana son ya yi maganar rage kuɗi, sai ya kawo aikin da ya rage shi da gaske, kamar toshe yoyon iska a bututun kwamfuresa, ko daidaita girman janareta da nauyin da yake ja, domin janaretan dizal da ke aiki da ɗan ƙaramin nauyi yana ƙona mai da yawa a kan kowane kilowat.

Abin da ake saye da yadda ake farawa

Sakin layi na uku yana amsa tambayar da mai kamfani yake jin nauyin yi: idan na kira ka, me zai biyo baya? Shawara ba kaya ba ce da ake gani a kan kanta, shi ya sa dole a ba ta siffa. Injiniyan zai rubuta cewa aikinsa yana farawa da ziyarar yini ɗaya da duba takardun wuta da na dizal na wata goma sha biyu, sannan ya ɗaura na'urar auna wuta ta mako guda, daga nan ya miƙa gajeren rahoto mai jera gyare-gyare, kowanne da kuɗinsa da lokacin da zai ɗauka kafin ya mayar da kuɗin. Idan ba ya sayar da kayan aiki kuma ba ya karɓar la'ada daga masu sayarwa, ya faɗa a fili, domin wannan shi ne bambancin mai ba da shawara da ɗan kasuwar da ya zo tallan kayansa.

Bayan wannan ne takardu suke shigowa, a layi ɗaya ko biyu: digiri, rajistar COREN, zama mamba a ƙungiyar injiniyoyi ta NSE. A Nijeriya rajistar ba ado ba ce. An kafa COREN a 1970, kuma doka ta keɓe aikin injiniya da laƙabinsa ga waɗanda ta yi wa rajista, don haka wanda bai samu ba tukuna kada ya rubuta ta, ko ya sa laƙabin a gaban sunansa.

Layin ƙarshe shi ne ƙofa. Ya faɗi abu ɗaya da mai karatu zai yi, misali ya aiko da takardun wuta na wata uku ta adireshin imel da aka rubuta a nan wurin. Rubuta adireshin yana da dalili, domin wanda bai ƙulla zumunci da mutum a LinkedIn ba, sau da yawa ba ya iya aika masa saƙo kai tsaye sai da asusun da ake biya. Duk bayanin, daga farko zuwa ƙarshe, yana iya tsayawa a haruffa 1,200 zuwa 1,500, a gajerun sakin layi masu sauƙin karantawa a waya.

Iyakokin da ba a tsallakewa

Sunan kamfanin da aka yi wa aiki amana ne. Babu mai masana'antar da yake son abokan gasarsa su san taransifomarsa tana katsewa, don haka ba a ambaton suna sai da izini, kuma ya fi kyau izinin ya zama a rubuce. Cewa wani kamfanin casar shinkafa a Kano ya wadatar. Idan mai kamfanin ya gamsu har ya yarda ya rubuta shaida a filin Recommendations, wannan ya fi duk yabon da injiniya zai yi wa kansa.

Wanda yake kan aikin albashi ya fara duba takardar ɗaukarsa aiki, domin kamfanoni da yawa suna hana ma'aikaci yi wa abokan gasarsu aiki, kuma take a LinkedIn abu ne da maigida yake gani. Ma'aikacin gwamnati kuwa nasa ya fi tsauri: ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulkin 1999 ta hana jami'in gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na ƙashin kansa, in ban da noma.

Akwai kuma koren zoben nan na #OpenToWork da ake sanya wa hoto. An yi shi ne don masu neman a ɗauke su aiki. Mai ba da shawara da ya sa shi yana aika saƙon da ya saba wa takensa. Abin da ya dace da shi shi ne sashen Services, inda ake jera hidimomin da mutum yake yi, masu buƙata su aiko masa da tambaya.

Yadda ake gane ko ya yi aiki

LinkedIn yana nuna wa mai shafi adadin waɗanda suka ziyarce shi da adadin lokutan da ya fito a bincike, tare da ɗan bayani a kan irin muƙaman masu binciken. Waɗannan lambobi suna nuna inda matsala take. Idan ba ya fitowa a bincike, kalmomin takensa ba su ne mutane suke bugawa ba. Idan yana fitowa amma ba a buɗe shafin, farkon taken bai ja hankali ba. Idan ana buɗewa amma babu mai magana, laifin yana cikin bayanin, ko dai hujja ta yi rauni ko ƙofar ba ta fito fili ba. Idan kuma duk masu rubuto masa jami'an ɗaukar ma'aikata ne, to har yanzu shafin yana karantuwa a matsayin takardar neman aiki.

A canja abu ɗaya a lokaci guda, a ba shi makonni kafin a yanke hukunci, domin wanda ya canja take da bayani da hoto a rana ɗaya ba zai san wanne ne ya yi tasiri ba. Kafin a wallafa ma akwai gwaji mai arha: a nuna wa wani mai kamfani ko akanta wanda ba injiniya ba taken na ɗan lokaci, a tambaye shi wa wannan mutum yake yi wa aiki, kuma me yake gyarawa. Idan ya yi jim, a koma a sake rubutawa.

A Kano da Kaduna da sauran garuruwanmu, mafi yawan ayyukan shawara ta bakin mutane suke zuwa: Alhaji ya gaya wa Alhaji, manaja ya ba manaja lambar waya. Shafin LinkedIn bai maye gurbin wannan ba. Amma wanda aka ba sunan injiniya yakan bincika shi kafin ya kira, kuma abin da ya gani a layin farko yana iya ƙarfafa maganar da aka gaya masa ko ya sanyaya masa gwiwa. Duk injiniyan da ke shirin fara zaman kansa, ya buɗe shafinsa a wayar wani yau, ya karanta kalmomi takwas na farko da ke ƙarƙashin sunansa. Idan sunan kamfanin da yake wa aiki ya gani maimakon mutanen da yake son yi wa aiki, daga nan gyaran zai fara.